Haraji a Kan Kowane Buhu: Yadda Ake Gano Farashin Daidaito Kafin Haraji da Bayansa

Malam, an ba mu wannan a aji: Qd = 1200 − 20P, Qs = −300 + 30P. Kasuwar albasa ce, Q yawan buhuna a mako, Qd na buƙata, Qs na samarwa, P kuma farashin buhu a dubban naira. An ce mu nemo daidaiton kasuwa, sannan mu sake nemowa idan an ɗora harajin naira 5,000 a kan kowane buhu. Ta ina zan fara?

Ka fara da karanta lissafan biyu da bakin 'yan kasuwa kafin ka taɓa biro. Na farko yana cewa duk lokacin da buhu ya ƙara naira dubu ɗaya, masu saye za su rage buhu 20 a mako. Na biyu yana cewa wannan ƙarin dai zai sa masu kaya su ƙaro buhu 30. Lambobin na darasi ne, an zaɓe su don su rabu cif, amma hanyar ita ce ko da wace lamba aka zo maka.

Daidaito shi ne farashin da buhunan da ake nema suka yi daidai da buhunan da aka kawo, ba kwantai, ba kuma wanda ya koma gida da kuɗinsa. Saboda haka sai ka haɗa su:

1200 − 20P = −300 + 30P

Ka tara masu P a gefe guda, tsirarun lambobi a ɗaya gefen. Za ka sami 1500 = 50P, wato P = 30. Buhu naira 30,000 ke nan. Sai ka mayar da 30 cikin lissafin buƙata: 1200 − 600 = 600. Kada ka tsaya nan, ka mayar da ita cikin lissafin samarwa ma: −300 + 900 = 600. Tunda duka biyun sun ba da buhu 600, aikinka ya yi kyau. Ina matsa wa ɗalibai a kan wannan dubawa ta biyu, domin ita ce ke kama kuskuren alama tun bai yi nisa ba.

Wannan −300 ɗin fa? Ta yaya za a kawo kaya ƙasa da sifili?

Ba za a kawo ba. Ka sa Qs = 0 za ka ga P = 10. Ma'anarta ita ce idan buhu bai wuce naira 10,000 ba, babu wanda zai ɗauko albasarsa, domin kuɗin bai fitar da wahalar noma da mota ba. Ƙasa da nan lissafin ba ya aiki.

To harajin, a ina zan sa shi?

Nan ne gaɓar da kowa ke tuntuɓe, kuma nan nake so ka natsu. Kafin haraji farashi ɗaya ne a kasuwa: abin da mai saye ya miƙa shi ne ya shiga aljihun mai kaya. Da zarar haraji ya shigo, farashin ya rabu biyu. Akwai abin da mai saye ya biya, mu kira shi Pb, akwai kuma abin da ya rage wa mai kaya bayan an cire haraji, mu kira shi Ps. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce harajin, wato Pb − Ps = 5. Biyar muka rubuta ba 5,000 ba, saboda P a dubbai take.

Yanzu ka tambayi kanka, wane farashi kowannensu yake kallo? Mai saye bai damu da inda kuɗin zai tafi ba, abin da ya fita daga aljihunsa ya sani, saboda haka buƙata tana bin Pb. Shi kuma mai kaya, abin da zai sa ya loda mota shi ne abin da zai rage masa, saboda haka samarwa tana bin Ps. Idan daga hannun mai kaya ake karɓar harajin, farashin da ake ji a kasuwa shi ne na mai saye, kuma mai kaya yana tashi da P − 5. Lissafin buƙata yana nan yadda yake, na samarwa ne zai canza:

Qs = −300 + 30(P − 5) = −450 + 30P

Sai ka sake haɗawa: 1200 − 20P = −450 + 30P. Wannan ya ba da 1650 = 50P, wato P = 33. Mai saye yana biyan naira 33,000. A cire dubu biyar na hukuma, mai kaya ya tashi da naira 28,000. Yawan buhuna kuwa, 1200 − 660 = 540.

Dubawar ita ce ka ɗauki 28 ka sa a asalin lissafin samarwa, wanda ba a taɓa ba: −300 + 840 = 540. Sun haɗu. Idan ka sa 33 a asalin lissafin za ka sami 690, sai ka zaci ka yi kuskure alhali farashin da ba na mai kaya ba ka ba shi.

Ni da na gwada sai na sami P = 27. Abokina kuma 30.1 ya samu. Wa ya yi daidai?

Ba ko ɗaya, kuma lambobin da kansu sun faɗi inda kowa ya kauce. Kai ka rubuta P + 5 ne, da tunanin cewa ai haraji ƙara farashi yake yi. Da ka duba yawan buhuna da ka ga 660, wato haraji ya sa albasa ta yi araha kuma ciniki ya ƙaru. Wannan ba haraji ba ne, lissafin tallafi ka yi. Shi kuma abokinka ya cire biyar daga −300 kai tsaye, ya sami −305 + 30P. Ya cire naira daga buhu. Harajin kuɗi ne, saboda haka jikin P yake shiga, sannan 30 ta ninka shi.

Ga ma'aunin da zai tsare ka: bayan haraji, dole farashin mai saye ya zama sama da tsohon farashi, na mai kaya ya zama ƙasa da shi, tazararsu ta yi daidai da harajin, yawan kaya kuma ya ragu.

Wani lokaci za a ba ka lissafin a juye, P a gefen hagu: P = 60 − Q/20 na buƙata, P = 10 + Q/30 na samarwa. A wannan siffar kam ƙarawa ake yi, samarwa ta koma P = 15 + Q/30, domin mai kaya yana neman ƙarin biyar kafin ya kawo adadin da ya saba. Ka warware, 540 za ka sake samu. Ruɗanin ɗalibai da yawa daga gauraya siffofin nan biyu yake fitowa.

Me ya sa farashi bai tashi zuwa 35,000 ba? Ai na ga 'yan kasuwa kan ɗora wa mai saye komai.

Suna so su ɗora, kasuwa ce ba ta yarda. Ka gwada 35 ka gani. Masu kaya za su tashi da 30, saboda haka za su kawo buhu 600 kamar da. Masu saye kuwa a 35 buhu 500 kawai za su ɗauka. Buhu ɗari ya yi kwantai, dole wani ya sauke farashi, kuma saukar ba za ta tsaya ba sai a 33.

Cikin naira 5,000 ɗin nan, mai saye ya ɗauki 3,000, mai kaya ya ɗauki 2,000. Wannan rabon ba sa'a ba ce, yana ɓoye cikin lambobin da ke jikin P. Ka haɗa 20 da 30 ka sami 50. Kason mai saye 30/50 ne, na mai kaya 20/50. Lura da yadda suka yi musaya: lambar masu kaya ce ke auna nauyin mai saye, ta masu saye kuma ke auna nauyin mai kaya. Dalili shi ne wanda ya fi saurin janyewa idan farashi ya ɓaci masa, shi ke tura wa ɗaya nauyin.

Don ka ga ƙarfin wannan, mu canza halin masu kaya. A ce albasar ba ta ajiyuwa, ba rumbu, ga tsoron ruɓewa, dole a sayar. Lissafinsu ya zama Qs = 450 + 5P, wanda shi ma yana ba da buhu 600 a farashin 30. Da haraji: 1200 − 20P = 450 + 5(P − 5), wato 775 = 25P, P = 31. Mai saye ya ƙara dubu ɗaya kacal, mai kaya ya koma 26, ya ɗauki dubu huɗu. Haraji ɗaya, masu saye ɗaya, amma nauyin ya koma kan wanda ba shi da mafita. A ganina wannan shi ne abin da ya kamata duk mai yanke haraji a kan amfanin gona ya fara dubawa, domin manomin da kayansa ba sa jira shi ne ya fi kusa da wannan hali.

Idan aka ce mai saye ne zai biya harajin a bakin ƙofar kasuwa fa?

Babu abin da zai canza sai lambar da ake kira wajen ciniki. Yanzu buƙata ce za ta zama 1200 − 20(P + 5) = 1100 − 20P. Ka haɗa da −300 + 30P, ka sami 1400 = 50P, P = 28. Mai kaya ya karɓi 28, mai saye ya ƙara biyar a ƙofa ya zama 33, buhuna 540. Doka tana faɗin wanda zai miƙa kuɗin ne kawai.

Nawa hukuma ta samu, kuma mece ce asarar da ake cewa ba ta shiga aljihun kowa?

Kuɗin shiga shi ne haraji sau sabon adadi, ba tsoho ba: 5,000 × 540 = naira 2,700,000 a mako. Wanda ya ninka da 600 ya ƙirga buhu 60 da ba a sayar ba.

Waɗannan buhu 60 su ne asarar. A da akwai mai saye da ya yarda ya biya, akwai mai kaya da ya yarda ya sayar, kowa da ribarsa, haraji ya hana cinikin. A zane, alwatika ce mai tsayin harajin da faɗin ragin buhuna: ½ × 5,000 × 60 = naira 150,000. Kana iya tabbatarwa ta wata hanya. Masu saye sun yi asarar 1,710,000, wato 3,000 a kan buhu 540 da rabin 3,000 a kan buhu 60. Masu kaya sun yi asarar 1,140,000 a bisa irin wannan lissafi. Jimla 2,850,000, hukuma ta karɓi 2,700,000, ragowar 150,000 ba wanda ya same ta. Idan aka ninka harajin ya zama 10,000, buhu 120 ne za su ɓace, asarar kuma ta koma 600,000, ninki huɗu ba biyu ba.

Haka zan yi da VAT?

A'a. Hanyar nan ta harajin da aka yanke a kan kowane ɗaya ce, irin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari da Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo a Najeriya. VAT kuwa, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a 2020, kaso ne na farashi, saboda haka ninkawa ake yi maimakon cirewa. Da a ce harajin kashi 10 aka ɗora a kan lambobinmu, sai ka rubuta Pb = 1.1Ps, buƙata ta zama 1200 − 22Ps. Haɗawa da −300 + 30Ps zai ba ka 1500 = 52Ps, mai kaya ya tashi da kusan naira 28,850, mai saye ya biya kusan 31,730.