Ciwon yawan sirotonin da gubar antikolinajik: a duba hammata da ƙafa

An kawo mara lafiya a ruɗe, jikinsa zafi rau, zuciya na bugawa da sauri, baƙin idonsa ya buɗe. Duka cututtukan biyu suna iya zuwa a haka, don haka waɗannan alamun ba za su raba gardama ba.

Ciwon yawan sirotonin na faruwa ne idan sinadarin sirotonin ya yi wa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yawa, galibi bayan an haɗa magunguna biyu, kamar mai shan fuluksetin da aka ƙara masa tiramadol. Ita kuwa gubar antikolinajik toshe aikin sinadarin asetilkolin take yi, wanda shi ke sa gumi da yawu da motsin hanji. Atirofin da difenhidiramin da zaƙami duk suna jawo ta.

| Abin dubawa | Yawan sirotonin | Gubar antikolinajik |
|---|---|---|
| Fata | gumi sharkaf | a bushe, ta yi ja |
| Hanji | ƙugi da zawo | shiru |
| Fitsari | yana fita | yana riƙewa |
| Ƙafa | karkarwa da fizga | babu fizga |
| Farawa | cikin awa 24, sau da yawa cikin awa 6 | 'yan awanni bayan sha |
| Lafawa | yawanci cikin kwana ɗaya | tana iya kai kwanaki |

Ni dai abin da na fi amincewa da shi hannun mai duba ne. Sa hannu a hammatar mara lafiyar. Idan ka ji ta bushe ƙamas alhali jiki na ci da wuta, ka yi zargin antikolinajik. Sannan ka kama tafin ƙafarsa ka lanƙwasa sama da sauri. In ƙafar ta shiga bubbugawa da kanta, sirotonin ne, kuma wannan fizgar ce ginshiƙin ma'aunin Hunter na 2003, wanda ake gane ciwon yawan sirotonin da shi.

A duka biyun ana dakatar da maganin da ya jawo, a ba da dayazefam, a sa ruwa, a sanyaya jiki. Farasitamol ba ya sauke wannan zafin. Daga nan hanya ta rabu. Mai sirotonin ana iya ba shi saifuroheftadin miligiram 12 ta baki, kuma idan zafi ya haura 41.1°C sai a kwantar da tsokokinsa a ɗora shi a na'urar numfashi. Mai antikolinajik kuwa a sa masa robar fitsari, in ruɗewar ta yi tsanani a ba shi fisostigmin miligiram 0.5 zuwa 2 ta jijiya a hankali, amma sai an duba ECG, wato zanen bugun zuciya, domin idan sashensa na QRS ya faɗaɗa akwai haɗari ga zuciya.

Kuskuren da ya fi tayar min da hankali shi ne a ba mai busasshiyar hammata saifuroheftadin. Shi kansa maganin yana toshe asetilkolin, sai ruɗewar ta ƙaru, mafitsara ta ƙara cika.