Debe hauhawar farashi daga kuɗin ruwa ba ya ba da ainihin riba

An daɗe ana koyar da cewa idan kuɗin ruwa 32% ne, hauhawar farashi 20%, to ainihin ribar 12% ce. Wannan gajeriyar hanya tana ɗan aiki ne kawai idan hauhawar ba ta wuce 2% ko 3% ba. Hanyar da ta dace ita ce a ƙara kowane kaso a kan 1, sannan a raba: 1.32 ÷ 1.20 = 1.10, wato ainihin ribar 10% ce.

A ce jari zai kawo naira 1,440,000 bayan shekara 2. A raba da 1.20 sau biyu, ya zama 1,000,000 a farashin yau. A sake rabawa da 1.10 sau biyu, darajarsa yanzu kusan 826,000 ce. Da 12% kuwa 797,000 za ta fito, har a ƙi jari mai kyau. Gwajin shi ne a raba 1,440,000 da 1.32 sau biyu. Tilas amsar ta zo ɗaya da 826,000 ɗin nan.