Taurin Bayan Gida a Tafiya: Tun Daga Gida Ake Tare Shi

A asibitocinmu na sha-ka-tafi a nan Gombe akwai ƙorafin da ba ya yankewa daga bakin 'yan kasuwa masu zuwa Legas da Anacha, da kuma alhazai idan sun dawo: kwana uku, kwana huɗu ba a zaga ba, ciki ya kumbura, abinci ya fita a rai, in an je ma sai yunƙuri da gumi. Da yawa sukan ɗora laifin a kan basir ko canjin ruwa. Amma in an bi diddigi, galibi tun kafin a shiga mota matafiyi ya shuka abin da hannunsa.

Abincin da muka ci, in jiki ya gama tsotse amfaninsa, ragowar tana gangarawa babban hanji, shi kuwa aikinsa janye ruwan da ke cikinta. Gwargwadon daɗewar bayan gida a wurin, gwargwadon bushewarsa. Shi ya sa wanda ya ji matsuwa a Alkaleri ya danne har Akwanga, ba ajiye abin ya yi yadda yake ba. Hanji ya ci gaba da shanye ruwan, matsuwar kuma ta lafa ta ɓace. In ya isa masauki ya nemi ta dawo, sai ta ƙi.

Ɗauki misalin mai sayar da atamfa da za ta bi motar dare zuwa Legas. Ta san direba ba zai tsaya don ita ba, in ma ya tsaya a bakin daji ne, mace kuwa ba ta da inda za ta raɓa. Don haka tun da safe ta daina shan ruwa. Wata ƙawarta ta ba ta shawara ta haɗiyi ƙwayar tsayar da gudawa, wato loferamaid, don kada ciki ya ba ta kunya a hanya. Guzurinta burodi ne da dafaffen ƙwai da cincin, a hanya ta ƙara da tsire da lemon kwalba. Sannan ta zauna a kujera ɗaya dare guda da wuni, gwiwa a takure. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shi kaɗai yana iya rage tafiyar hanji, ita kuwa ta haɗa su duka a rana guda. Kwana uku a Legas shiru, ranar huɗu ta yi yunƙuri har dubura ta tsage, ta ga jini a jikin bayan gidan, sai ta ce basir ne ya tashi.

Ban ga laifinta a kan tsoron ba, domin rashin ban ɗaki a hanyoyinmu gaskiya ne, kuma mata ne suka fi shan wuyarsa. Abin da za a gyara shi ne tsarin. A fara shiri kwana biyu kafin tafiya: a sha ruwa sosai har fitsari ya zama fari-fari, a ci abinci mai ɗauke da dusa da ganye, irin su wake, kwaɗon zogale ko rama, miyar kuɓewa, gwanda, kankana, da lemon zaƙi da ake ci har da tsokarsa. Ranar tafiya a karya kumallo da wuri da abu mai ɗumi, koko ko kunu ko shayi, sannan a ba ban ɗaki lokaci ba tare da gaggawa ba. Dalili shi ne hanji ya fi motsi da safe, kuma da zarar abinci ya sauka a tumbi yakan tura abin da ke ƙasa. Wanda ya zaga kafin ya fita ya rage rabin damuwar hanya.

Ruwa kuma ba a yanke shi. Kurɓa kaɗan-kaɗan ake yi a kan hanya, in an kusa wurin da aka san mota na tsayawa don sallah ko shan mai sai a ƙara. Kwankwaɗar gora guda a tashi ɗaya shi ke kawo fitsarin da ake gudu. In mota ta tsaya, a sauka ko da ba a jin komai, a taka na 'yan mintoci, a nemi ban ɗakin masallaci ko na gidan mai. Buta ƙarama da ɗan sabulu a jaka sukan sa mutum ya iya shiga wurin da da ba zai shiga ba. A guzuri a sa dabino, karas, kokwamba, aya ko gyaɗa. Tsire da kilishi ba haramun ba ne a tafiya, kada dai su zama su ne abincin wuni. Ƙwayar tsayar da gudawa kuwa ta mai gudawa ce, wanda cikinsa lafiya ba shi da abin yi da ita.

Jirgin sama da ban ɗakinsa, amma shi ma da nasa. Iskar cikinsa busasshiya ce ƙwarai, tana busar da baki da maƙogwaro kamar hunturu. Maniyyaci yakan kwana a sansanin alhazai yana jira, ya tashi daga filin jirgin Lawanti, ya yi sa'o'i a zaune, ya sauka ya shiga layi, ga agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu, ga shinkafa da farin burodi safe da yamma. Dattawa da yawa ba sa shiga ban ɗakin jirgi sam, saboda ba su saba da na zama ba ko suna gudun najasa a tufafi. 'Ya'yansu su yi musu bayaninsa tun a gida. A masauki, in masan na zama ne, a ɗora ƙafafu a kan wani abu mai ɗan tudu yadda gwiwa za ta ɗara ƙugu, a ɗan sunkuya gaba. Wannan ya fi kusa da tsugunon da jiki ya saba, kuma yana rage yunƙuri.

Akwai waɗanda ya kamata su zo mu yi magana kafin su kama hanya: masu juna biyu, musamman masu shan ƙwayar ƙarin jini, da tsofaffi, da masu shan maganin ciwo irin kodin ko taramadol, domin waɗannan magunguna suna ɗaure ciki. Ƙwayar ƙarin jini ba a daina ta saboda tafiya. Masu ciwon zuciya ko ƙoda da likita ya ƙayyade musu ruwa kuma su tsaya a kan abin da aka ce musu.

In an isa, kwana ɗaya ko biyu ba a zaga ba ba abin tashin hankali ba ne. Ruwa da 'ya'yan itace da tafiya a ƙasa sukan warware shi. In ya kai kwana uku, a je wurin ma'aikacin lafiya ko mai kemis da ya san aikinsa. Laktulos yana tausasa bayan gida, amma yakan ɗauki har kwana biyu kafin ya yi aiki. Bisakodil na haɗiya yana aiki cikin awa 6 zuwa 12, shi ya sa ake shan sa da dare, kuma kada wanda zai hau mota da asuba ya kuskura. Filasko da jiƙe-jiƙen wankin ciki na tasha ba su da ma'auni, suna iya kawo murɗa da gudawa a inda babu wurin tsayawa.

Amma in ciki ya kumbura tam, ga amai, ga ciwo mai tsanani, kuma ko tusa ba ta fita, kada a sha wani maganin wankin ciki, a tafi asibiti nan take, domin hanji na iya toshewa, musamman ga mai ƙaba da ta fito ta ƙi komawa. Haka in ana ganin jini, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko kuma an dawo gida an yi makonni ciki bai koma yadda yake ba, ga rama, to a je likita ya duba.