Matsakaicin gudu a doguwar tafiyar mota

Matsakaicin gudu shi ne abin da ake samu idan aka raba nisan tafiya da lokacin da ta ci gaba ɗaya, tun daga tashi har zuwa sauka. Iyakar gudu kuwa, wadda ake rubutawa a allon gefen hanya, ita ce mafi girman gudun da doka ta yarda a yi a wannan wurin. A doguwar tafiya, direban da ke bin doka ba ya wuce iyakar, amma sau da yawa dole ta sa ya yi ƙasa da ita, don haka matsakaicin gudunsa kullum yana ƙasa da abin da allo ya nuna. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne girman tazarar, kuma dalilinta na lissafi ne.

Wurin da aka yi tafiyar hawainiya ya fi cin lokaci, shi kuwa matsakaicin gudu da lokaci ake auna shi. Idan mota ta yi kilomita 100 a gudun kilomita 100 a awa, sannan ta yi wasu kilomita 100 a gudun 50, da yawa za su ce matsakaicin 75 ne. Ba haka ba ne. Kashin farko ya ci awa 1, na biyu ya ci awa 2, wato kilomita 200 cikin awa 3, wanda ya ba da kusan 67.

A ɗauki tafiyar kilomita 600 a hanyar da iyakarta kilomita 100 ce a awa. A takarda, awa 6 ke nan. A ce direba ya samu hanya a buɗe har kilomita 500, ya yi su a gudun 100 cif, awa 5 ta tafi. Akwai garuruwan da hanyar ta ratsa, jimillarsu kilomita 60, inda fitilun ba da hannu da shataletale da masu tsallaka titi suka mayar da shi gudun 40, nan ya bar awa 1 da rabi. Sauran kilomita 40 ya yi su a gudun 60, a bayan tirela ko a inda ake gyaran hanya, minti 40 ke nan. Shan mai da cin abinci da kama ruwa suka ɗauki minti 50. Jimilla awa 8, matsakaicin gudu 75. Kashi 5 cikin 6 na hanyar an yi shi a kan iyakar gudu, amma ɗan ragowar da tsaye-tsaye sun ƙara awa 2 cur.

Lokacin da ya salwanta yana da wuyar ramawa, kuma a nan ne direbobi ke jefa kansu cikin haɗari a banza. A gudun 100, kowace kilomita tana cin daƙiƙa 36. A gudun 110 tana cin kusan daƙiƙa 33, ribar daƙiƙa 3 da ɗoriya kawai. Wanda ya tsaya na minti 10 kuma yake son ya rama, sai ya taka totur a 110 na tsawon kilomita 180 da wani abu, yana karya doka a duk tsawon, ga shan mai ya ƙaru, ga nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ya ƙaru.

Shi kansa malejin mota yana da hannu a ciki. Ƙa'idar ƙera motoci mai lamba 39 ta UNECE, wato hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ƙasashe da dama ke bi, ta hana maleji ya nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya nuna sama da shi har da kashi 10 cikin 100, a ƙara da kilomita 4 a awa. Shi ya sa allura na iya zama a kan 100 alhali motar ba ta kai ba. Ga manyan motoci kuma, wani hutun ma doka ce: a Tarayyar Turai, dokar 561/2006 ta wajabta wa direba hutun minti 45 bayan tuƙin awa 4 da rabi. Ko da ya yi duk tuƙin a gudun 90, hutun kaɗai zai saukar da matsakaicinsa zuwa kusan 77.

Hanyar gane ainihin matsakaici ita ce a rubuta adadin kilomita da lokaci a wurin tashi, a sake rubutawa a wurin sauka, sannan a raba. Na'urorin GPS da yawa suna nuna lambobi biyu, matsakaicin lokacin da mota ke tafiya da kuma na tafiyar duka har da tsayawa. Na biyun ne ya dace a yi lissafin lokacin isa da shi, domin na farkon ya zubar da duk mintunan da mota ta yi a tsaye.