Na ɗora kati kuɗi ya fita ba lambar sirri, me ya sa kuma daga baya mashin ya nema?

Tambaya: "Yaya, da safe na ɗora katina na banki a kan mashin ɗin POS a wani shago a titin Ahmadu Bello kuɗi ya fita ban danna komai ba, da yamma kuma a Kawo kayan 12,500 kawai amma sai da aka ce in sa lambar sirri. Katin ne ya samu matsala?"

Ƙanwata katinki lafiyarsa ƙalau, lissafi ne ya cika. In kin ɗora kati, abin da mashin ke iya tabbatarwa kawai shi ne katin na gaske ne, don duk ɗorawa ɗaya katin yana fitar da wata lamba ta musamman da ba a maimaita ta. Amma bai san hannun wa ke riƙe da shi ba, ko ke ce ko wanda ya tsince shi a keke napep, duk ɗaya ne a wurinsa. Shi ya sa aka sa iyaka, ko ya faɗi ɓarnar ba za ta yi nisa ba kafin ki toshe shi.

A 2023 Babban Bankin Najeriya ya sa iyaka biyu ga biyan kuɗi ta ɗora kati ba lambar sirri, naira 15,000 a ciniki ɗaya, sai 50,000 jimilla a rana. Ta biyun ce mutane ke mantawa. Mu ɗauka da safe kin yi cefanen 12,000, kin sha mai na 14,000, kin biya kemis 13,000, kowanne bai kai 15,000 ba sai ya wuce salin alin, amma fa jimilla ta kai 39,000, to in aka ɗora 12,500 ɗin nan ya zama 51,500 ke nan, ya haura. Mai shagon Kawo bai san abin da kika kashe da safe ba, bankinki ne ke riƙe da lissafin, shi ya turo cewa a tambaye ki.

Tambaya: "To in ban kai ko ɗaya ba fa?"

Nan ma yana faruwa. Sabon kati galibi sai an fara soka shi an sa lambar sirri sau ɗaya kafin ɗorawa ta fara aiki. Banki kuma in ya ga ciniki a jere a jere cikin ɗan lokaci, ko a wurin da ba ki saba ba, yana iya tsayar da ke. Wani mashin ɗin ma haka aka saita shi, ko na 500 kika saya sai ya tambaya.

Ki dinga duba fuskar mashin ɗin da kanki. In ya rubuta ENTER PIN lambar kawai yake so, in INSERT CARD ne sai kin soka katin tukunna. In kuma DECLINED ya fito kar ki yarda a ce sake ɗorawa sake ɗorawa, tsaya ki duba alat ko an riga an cire.