Ka sa hannu a takardar riƙe sirri: me za ka iya faɗa game da aikin da ka yi?

Tun da aka fara ɗaukar sunayen masu neman aikin tattara bayanai a ƙauyukanmu na yankin Ringim da Taura, wata magana ke zagayawa a majalisu da wajen masu shayi. Wai duk wanda ya taɓa sa hannu a takardar alƙawarin riƙe sirri, ko ya yi wa gwamnati aikin wucin gadi, idan ya kuskura ya rubuta aikin a takardar neman aikinsa, ɗaurin shekara 14 ne. Na sha jagorantar yara masu zagaya gida-gida da kwamfutar hannu, kuma ni ma na sa hannu a irin wannan takarda fiye da sau ɗaya, saboda haka maganar ta dame ni. Yaranmu suna share gogewar da suka samu da guminsu saboda tsoron abin da doka ba ta ce ba.

Ranar Lahadin nan ɗan yayata ya same ni bayan an taso daga kasuwar Gujungu, ya miƙo mini takardar tarihin aikinsa, wadda suke ce wa sibi, na duba masa. Daga shekarar da ya gama karatu zuwa yau babu komai a ciki, fayau. Alhali na san wata bakwai ya yi yana fita da sassafe a kan babur, yana yi wa magidanta tambayoyi kan noma da abinci a madadin wani kamfani da ya karɓi kwangila daga wata ma'aikata. Na ce ina wannan aikin? Sai ya ce, "Kawu, ai an ce mana sirri ne. Ko matata ban gaya wa sunan kamfanin ba."

Shekara 14 ɗin da ake ta ambato ba ƙage ba ne, tana nan a Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962. Dokar ta haramta miƙa bayanin da aka killace ga wanda ba a yarje masa ba, haka nan samo shi, kwafarsa ko riƙe shi ba tare da izini ba. Idan babbar kotu ta kama mutum da laifin, tana iya ɗaure shi har shekara 14, idan kuma shari'ar gaggawa aka yi, bai wuce ɗaurin shekara 2 ko biyan tara ko duka biyun ba. Amma masu yaɗa maganar sun tsallake wurin da dokar ta fassara abin da take nufi da bayanin da aka killace. Sharaɗi biyu ta gindaya, kuma dole su haɗu. Na farko, a ce gwamnati ta sanya abin cikin tsarinta na bayanan tsaro waɗanda ba a buɗe wa jama'a. Na biyu, a ce fitar da shi zai cutar da tsaron Nijeriya. Bugu da ƙari, ba a fara gurfanar da mutum a kan wannan laifi sai da amincewar Antoni Janar.

To ka auna da kanka. Cewa ka yi aikin ƙirga buhunan gero a rumbunan mutane, ko ka bi ayarin masu allurar rigakafi kana rubuta adadin yara, ta ina ya taɓa tsaron ƙasa? Wanda ya kamata ya yi taka-tsantsan da wannan doka shi ne wanda ya yi aiki a bariki ko ofishin jami'an tsaro, ko mai gyaran wuta da kafinta da aka shigar irin wuraren nan, domin dokar ta hana ɗaukar hoto ko zana fasalin wurin da aka ayyana na tsaro. Haka ma'aikacin da fayil mai hatimin sirri ke bi ta teburinsa. Shi ma ma'aikacin gwamnati na dindindin, ƙa'idojin aiki sun ɗauki fitar da bayanin ofis ba da izini ba a matsayin babban laifin da ke iya kai wa ga kora. Duk da haka babu inda aka hana shi cewa ya yi aiki a ma'aikata kaza a matsayin kaza.

Ita kuwa takardar da kamfani ko ƙungiya ke ba ka ka sa wa hannu, yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu, kamar ta haya ko ta jingina. Wanda ya saɓa ta, ɗayan zai kai shi kotu ne ya nemi diyyar asarar da ya iya nunawa, ko ya nemi kotu ta hana shi ci gaba da magana. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta faɗa ƙarara cewa ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Asarar da ta fi kusa da yaro irin ɗan yayata ita ce a riƙe masa ragowar kuɗinsa, ko a daina kiransa idan wani aikin ya taso, kuma a wannan harka da kowa ya san kowa, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Na sa ya koma gida ya ɗauko takardar. Allah ya taimaka ya ɗauke ta a hoto da wayarsa ranar da suka sa hannu, domin ba a ba su kwafi ba. Shafi biyu ce, da Turanci. Sakin layin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ya lissafa abin da ake kira sirri, kuma shi ne mutane ba sa karantawa. A tasa an rubuta sunaye da amsoshin waɗanda aka yi wa tambayoyi, jerin tambayoyin kansu, sakamakon binciken kafin a wallafa shi, da kalmar shiga manhajar da suke aiki da ita. Babu inda aka ce kada ya ambaci cewa ya yi aikin. Sunan kamfanin ma ba ya cikin jerin, sai dai an hana bayyana ma'aikatar da ta ba kamfanin kwangilar. Akwai takardun da suka fi wannan tsauri, waɗanda ke cewa ko wanzuwar yarjejeniyar sirri ce, to mai irin wannan ba zai ambaci suna ba sam. Sai kuma ka duba wa'adi: wasu suna ƙarewa bayan shekara biyu ko uku, wasu kuma sun ce alƙawarin na nan ko bayan an gama aiki. Galibinsu suna cire abin da ya riga ya zama sananne ga jama'a, kamar rahoton da mai shi ya wallafa da kansa.

Da muka gama karantawa sai muka zauna rubutu. Abin da ya fara kawowa da ya ji an sake masa mara ya wuce gona da iri: sunan ma'aikatar, sunayen ƙauyuka, har da cewa sun gano gidaje kaza cikin ɗari ba sa cin abinci sau uku. Wannan na ƙarshen sakamakon bincike ne, ba nasa ba ne, muka soke shi tare da sunan ma'aikatar. Abin da ya rage shi ne: "Mai tattara bayanai, wata bakwai, a wani binciken noma da abinci a ƙananan hukumomi biyu na Jihar Jigawa. Na yi wa magidanta tambayoyi da Hausa da Fulatanci, ina shigar da amsoshi a kwamfutar hannu, ina tura su kullum da yamma. A wata ukun ƙarshe na jagoranci mutum huɗu, ina duba aikinsu kafin a tura." Mai ɗaukar aiki abin da yake nema ke nan: me ka iya, tsawon wane lokaci, mutum nawa ka riƙe. Iyawarka taka ce, ka tafi da ita duk inda ka ga dama. Abin da idonka ya gani a gidajen mutane kuwa amana ce.

A nan ne ma haɗarin gaskiya yake, kuma babu mai yaɗa jita-jitarsa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hana sarrafa bayanan mutum ta hanyar da ba don ita aka karɓa ba, kuma hukumar da ke kula da ita tana iya cin tarar mai riƙe da bayanai har naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa, manyan masu riƙe da bayanai kuma naira miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Kamfanin da aka ci tara saboda sakacinka ba zai ƙyale ka ba. Idan aikin na lafiya ne, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin ciwon mutum sirri ne. Na ga yaran da ke jin tsoron rubuta layi ɗaya a sibi, amma sun ɗora hotonsu a Wasaf suna riƙe da kwamfutar hannu, sunan mata da lambar wayarta na bayyane a fuskar na'urar. Kuma cire suna kaɗai ba ya wadatarwa a ƙauye. Idan ka ce a wajen intabiyu, "akwai wani mai unguwa mai mata uku a gabas da kogi da muka tarar ba ko tiya a rumbunsa," duk ɗan yankin ya san wa kake nufi. Ka tona asirin bawan Allah da ya shimfiɗa maka tabarma ya ba ka ruwa.

Idan a wajen intabiyu aka matsa maka kan wace ma'aikata ce ko me kuka gano, amsar mai sauƙi ce: "Ranka ya daɗe, na sa hannu kan ba zan bayyana wannan ba, amma zan iya yi muku bayanin yadda muke gudanar da aikin daga safe zuwa yamma." Ni dai duk lokacin da na zauna tantance masu neman aiki, wanda ya ba da irin wannan amsa shi nake fara sa wa alama, domin gobe bayanan mutanena zan damƙa masa. Wanda kuma takardarsa ta yi masa duhu, ya tura wa tsohon shugabansa ainihin layukan da yake son rubutawa, ya nemi amincewa a rubuce, ko da saƙon waya ne, ya adana shi. A lokaci guda ya roƙi takardar shaidar aiki, domin duk abin da suka rubuta a cikinta da hannunsu sun yarda a nuna shi.

Riƙe sirrin talakan da ya buɗe maka gidansa daidai ne, ban da ja a kai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake ba da takardun. A tara yara a aji ranar ƙarshe ta horo, a raba musu shafuka da Turancin lauyoyi, a ce kowa ya sa hannu kafin a ba da kuɗin mota, a kwashe ba a bar wa kowa kwafi ba, sannan wani ya ƙara da barazanar gidan yari. Wasu ma suna fakewa da takardar don kada a yi ƙorafin kuɗin da aka danne. Alƙawarin riƙe sirri ba ya hana ka neman haƙƙinka a kotu, kuma ba ya rufe bakin wanda ya ga ana sata ya kai rahoto ga hukumar da ta dace. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ma ta ce hatimin sirri shi kaɗai ba ya hana a saki takarda idan an nema ta hanyar da doka ta tsara, sai dai hukumar ce ke sakin ta, ba kai da aka ɗauka aikin wata bakwai ba.

Kafin ɗan yayata ya tashi na ce ya buɗe mini hotunan wayarsa. Muka tarar da hoton jerin sunayen magidanta na ƙauye biyu da ya ɗauka don kada ya ɓata hanya, tun bara suna nan, alhali takardarsa ta ce a mayar ko a goge komai ranar da aka gama. Wannan ne kaɗai wurin da ya saɓa alƙawarin, kuma bai ma sani ba. Ya goge su a gabana, sannan ya ɗauki sibin ya nufi shagon buga takardu.