Oga ya ce in haɗa masa zama da mutanen waje: me zan rubuta?

Anti, wata biyu ke nan da na fara aiki a ofishin darakta a wani kamfanin irin shuka da ke Wuse. Jiya yana fita ya ce, "Ki haɗa mini zama da shugabar shirin noman nan ta ƙungiyar da ke Maitama." Iya abin da ya faɗa ke nan. Ta ina zan fara?

Ƙanwata, kada ki taɓa kwamfuta tukuna. Ki jira ya dawo, ki tare shi na minti biyu da takarda a hannunki, domin abin da ya ba ki bai isa wasiƙa ba. Ki tambaye shi me yake so ya fito da shi daga zaman: gaisuwar sanin juna ce, ko akwai maganar da yake so a yanke? Ki tambaye shi tsawon lokacin da yake bukata, da wanda zai raka shi, da ranar da in ta wuce zaman bai da sauran amfani. Sai tambayar da sababbin shiga kan manta: sun taɓa magana da ita kuwa? In sun haɗu a wani taro har ta ce ya neme ta, wannan shi ne mabuɗin wasiƙarki. In ba su taɓa haɗuwa ba, wasiƙar za ta ɗauki nauyin gabatar da kamfanin ma.

A ce ya amsa miki haka: sun haɗu a taron masu harkar iri makon jiya, yana so su tattauna yadda kamfaninku zai samar wa manoman shirinsu irin masara kafin damina, minti 45 ya isa, kuma manajan tallace-tallace zai raka shi. To yanzu kin sami abin rubutawa. Ita kanta maganar damina ta ba ki wa'adi, tunda irin da ya iso bayan an gama shuka ba shi da kasuwa.

Wa zai je wurin wa? A al'adar ofis, mai nema shi ke tashi. Ku ne ke nema, saboda haka ki ba da ofishinsu a matsayin wurin zama, ki bar musu damar canzawa.

To ita wasiƙar fa, yaya zan tsara ta?

Abin da nake auna kowace wasiƙa irin wannan da shi ɗaya ne: shin wadda ta karanta za ta iya amsa mini da layi ɗaya? Ki tuna ba shugabar ce za ta fara gani ba. Wata ce irinki, zaune da kalandar ogarta a buɗe, ga waya na ƙara, ga baƙo a tsaye. In kika rubuta "muna so ku sanar da mu lokacin da ya dace da ku", kin ɗora mata aikin da ke ya kamata ki yi. Sai ta shiga wurin ogar, ta tambaya, ta fito, ta rubuto miki rana, ke kuma ki tarar ranar naku ogan yana Kano. Haka ake cinye mako biyu ana jifan juna da imel.

Ki ba ta lokuta uku, a ranaku daban, wani da safe wani da rana. Galibin wasiƙun ofis a Abuja da Turanci suke fita, amma ƙashin bayan ɗaya ne, ga shi da Hausa:

"Ranki ya daɗe, ina rubutowa ne a madadin Daraktan kamfaninmu, wanda kuka haɗu da shi a taron masu harkar iri makon jiya. Yana neman ganawa da ke ta minti 45 don tattauna samar da irin masara ga manoman shirinku kafin faɗuwar damina. Zai zo ofishinku da ke Maitama tare da manajan tallace-tallace. Yana da sarari ranar Talata 14 ga wata da ƙarfe 11:00 na safe, ko Laraba 15 da ƙarfe 2:30 na rana, ko Alhamis 16 da ƙarfe 10:00 na safe. Idan babu wanda ya yi daidai, a ba mu lokacin da ya fi muku sauƙi a mako mai bi masa. Za mu ji daɗin samun amsa zuwa ranar Juma'ar nan."

Sai sunanki, muƙaminki da lambar wayarki a ƙasa. Ki lura na haɗa sunan rana da kwanan wata. Da gangan ne. In kuskure ya shiga ɗaya, ɗayan zai tona shi, kuma kafin ki tura ki duba kalanda ki tabbatar 14 ɗin Talata ce da gaske. Na sha karɓar wasiƙar da ta ce "Litinin 9 ga wata" alhali 9 ɗin Lahadi ce.

A layin taken imel kuma kada ki rubuta "Gaisuwa" ko "Neman alfarma". Ki sa sunan kamfanin, da cewa neman ganawa ne, da makon da ake magana a kai. Bayan kwana goma, in mataimakiyarta tana neman saƙonki cikin ɗaruruwa, da wannan layin za ta same shi.

Da zarar saƙon ya fita, ki riƙe lokutan nan uku a kalandar oga, ki sa musu alamar cewa ba su tabbata ba. In ba haka ba, gobe shi da kansa zai ba wani alƙawarin Talatar a waya, ke ba ki sani ba. Ranar da suka zaɓi ɗaya, ki saki sauran biyun nan take.

Da sunana zan rubuta ko da sunansa?

Da sunanki, a madadinsa, kuma ki faɗi haka tun a jimlar farko. Ki sa shi a Cc domin su ga da saninsa. Kada ki rubuta da bakinsa ki manna sunansa a ƙasa sai ya karanta ya amince. Iyakarki ita ce lokaci, wuri da masu zuwa. In mataimakiyar can ta kira ta ce, "Nawa ne buhun irin naku, ko za ku ba da bashi?" ki ce za ki isar, Darakta zai amsa. Kalma ɗaya daga bakinki a kan farashi, a can za a rubuta ta a matsayin maganar kamfani.

Inda abin ya bambanta shi ne ma'aikatar gwamnati. Can imel kaɗai ba ya wadatarwa. Ana buga wasiƙa a takardar kamfani mai tambari, oga ya sa hannu da kansa, a rubuta ta zuwa ga Minista ko Babban Sakatare, a ja hankalin daraktan sashen da ake nufi. Masinja ya kai kwafi biyu ofishin karɓar wasiƙu, su buga hatimi da kwanan wata a ɗaya su mayar masa. Wannan kwafin ki adana shi kamar kuɗi, don ranar da za ki bi sawu abin da za a fara tambayarki ke nan.

Akwai lokutan da bai kamata in zaɓa ba?

Juma'a daga sha biyu da rabi zuwa kusan uku ki bar ta, masallaci ya ɗauke mutane, wasu ma ba sa komawa ofis. Litinin da safe yawancin ofisoshi na nasu zaman cikin gida. Ƙarfe 8:00 na safe kuma yana da kyau a takarda ne kawai: wanda ke fitowa daga Kubwa ko Mararaba ya san abin da ke jiransa a hanya. In ogan daga tafiya zai dawo, kada ki sa zama awa ɗaya bayan saukar jirgi. Filin jirgin Nnamdi Azikiwe kusan kilomita 40 yake daga tsakiyar gari, ga jinkirin jirage da kowa ya sani. Ni in jirgi zai sauka da safe, bayan azahar nake sa zama. Makon Sallah kuma ki yi masa sarari gaba da baya, tunda ranar ta danganta da ganin wata.

In zaman ta Zoom ko Teams ne da wani a ƙasar waje, nan ne agogo ke cin mutum. Agogon Najeriya ba ya canzawa duk shekara, amma na Birtaniya yana canzawa. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogonmu da na Landan ɗaya ne. Sauran watannin mun riga su da awa ɗaya. Ni kaina wannan ya taɓa kama ni a wani ofis da na yi aiki: na saba duk damina goman su goman mu ce, sai ga zama a farkon Nuwamba, na zaunar da oga gaban kwamfuta ƙarfe 10:00 da shayinsa, ya yi ta kallon fuskarsa shi kaɗai, mutanen ba su shigo ba sai 11:00, lokacin kuma yana da wani baƙon. Tun ranar nake rubuta duka biyun: ƙarfe 11:00 agogon Abuja, 10:00 agogon Landan. Nairobi ta riga mu da awa biyu, Dubai da awa uku, Accra na bayanmu da awa ɗaya, su waɗannan ba sa motsi.

Na tura, kwana uku shiru. In sake turawa?

Ki ɗauki waya ki kira ofishinsu, ki nemi mataimakiyar shugabar. Kada ki fara da "ba ku amsa mana ba". Ki gaishe ta, ki faɗi sunanki, ki ce kina so ki tabbatar saƙon ya iso. Sau da yawa za ki tarar ya faɗa akwatin da ba a dubawa, ko shugabar tana tafiya. Ki karɓi lambarta. Wannan matar ita ce ƙofa, kuma watarana ita ma za ta buƙaci ogan ki.

Duk abin da kuka daidaita a waya ko a WhatsApp, ki mayar da shi rubutu a ƙarƙashin imel ɗin farko, sannan ki aika gayyatar kalanda. In kin kira sau ɗaya, kin rubuta sau biyu, har yanzu shiru, to ya fi ƙarfinki. Ki gaya wa oga, wataƙila kiran minti ɗaya daga wayarsa ne zai buɗe hanyar.

Sun zaɓi Laraba. Shi ke nan na gama?

Saura kaɗan. Ranar Talata ki sake tabbatarwa da mataimakiyar. Ki tura mata cikakkun sunayen masu zuwa da lambar mota, domin ofisoshin irin waɗannan ƙungiyoyi a Maitama ba sa buɗe get ga wanda sunansa ba ya wurin maigadi, kuma ki tuna wa oga da manajan su riƙe katin shaida. Ki nemi sunan titi, lambar gida da wata alama, ki ba direba tun daren. Daga Wuse zuwa Maitama ba nisa, amma ki sa su tashi ƙarfe 1:50, bayan ya yi sallar azahar, saboda rubuta suna a ƙofa ma na cin minti goma. A tebur ɗinsa ki ajiye shafi ɗaya: sunan shugabar da muƙaminta daidai, wanda zai zauna da ita, inda suka haɗu, da abin da ya ce yana so ya fito da shi.

In kuma da safiyar Larabar ya ce ba zai samu zuwa ba, kada ki ɓuya a bayan imel. Ki kira nan take, ki ba da haƙuri a madadinsa, ki miƙa sababbin lokuta biyu a cikin kiran, sannan ki bi da rubutu. Ki tambaye shi kuma ko manajan zai iya zuwa shi kaɗai, amma kada ki tura manajan sai su can sun ce sun yarda.